Takardar da na rubuta kafin in sake buɗe baki a gaban mai sayen mota

Kwana tara bayan mun sayar da motar, mutumin ya dawo da ita. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sa aka kira ni, ya nuna mini fitilar inji mai ruwan ɗorawa tana ci a gaban sitiyari, sannan ya maimaita mini maganata kamar yadda na faɗa masa ita ranar ciniki: "Ba ta da matsalar komai, Alhaji, mai kawai za ka zuba ka kama hanya." Na yi tsuru-tsuru. Abin da ya fi damuna shi ne ba ƙarya na shirya masa ba. Ban ma duba motar ba. Magana ce da bakina ya saba da ita, kowace mota aka kawo ita nake faɗa, kamar mai amsa gaisuwa.

Da yamma maigidana ya kira ni. Ya ce daga yau ba ya son kowa cikinmu ya riƙa faɗar abin da ya zo bakinsa, in je in rubuta abin da za mu riƙa gaya wa masu saye, kuma ya zama magana ce da ko mutum ya dawo bayan wata uku za mu iya sake faɗarta a gabansa ba tare da sunkuyar da kai ba.

Rubutun farko da na yi a daren nan shirme ne. Yabo ne zalla, sai na ɗan yayyafa masa aibi ƙanana don a ce mai gaskiya ne ni: ɗan ƙarzuwa a bamba, rediyo na shashsheƙa. Da safe na karanta wa bakaniken da ke duba mana motoci, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, Baba muke kiransa. Ya saurara har na kai ƙarshe, ya ce, "Wace motar ce wannan?" Na ce ai na kowace mota ne. Ya yi dariya ya ce, "To ai shi ya sa aka dawo maka da waccan. Ɗauko biro ka biyo ni."

Motar da muka fara da ita Toyota Corolla ce ƙirar 2010, mai giya otomatik, mita na nuna kilomita 187,000. Baba ya hana kowa ya tayar da ita kafin mu zo, domin inji mai sanyi ba ya iya rufa wa kansa asiri. Idan akwai ƙara ta daƙiƙun farko, ko hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ke nuna inji na shan baƙin mai, a tashin farko ake kama su, da ya ɗumama sai su lafa. Ya murɗa makulli bai tayar ba, ya ce in ƙirga fitilun da suka kama. Ya kamata fitilar inji, da ta birki, da ta jakar iska duk su kama, sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam ita ce abar tsoro, don akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin tef. Duk sun kama, kuma da aka tayar duk sun mutu. Na ce alhamdu lillahi, inji lafiya lau ke nan. Baba bai tanka mini ba, ya durƙusa ya jona sikana, na'urar da ke karanta kwamfutar mota, a ramin OBD da aka tanada mata a ƙarƙashin sitiyari.

Babu lambar matsala ko ɗaya. Amma ya juya zuwa wani shafin ya nuna mini jerin gwaje-gwajen da kwamfutar mota take yi wa kanta yayin tafiya. Biyu daga ciki ba su kammala ba, har da na katalis, wato tukunyar nan da ke jikin salansa mai tace hayaƙi. Ya ce wannan na nufin ɗayan biyu: ko an cire batir kwanan nan, ko wani ya goge lambobin matsala kafin ya kawo mana motar. Idan aka goge, fitila na mutuwa, amma cutar na nan, kuma sai motar ta yi tafiye-tafiye kwamfutar ta sake gwajin kafin fitilar ta dawo. A nan na gane abin da ya faru da mutumin kwana tara. Muka yi kwana biyu muna hawan Corollar, cikin gari da babbar hanya. A rana ta uku fitila ta kama, sikana ta nuna P0420, ma'ana katalis ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata.

Ita wannan lamba ba hukunci ba ce. Tana iya fitowa saboda katalis ya tsufa, ko sensar iskar da ke bayansa ta lalace, ko salansa na yoyo a kusa da ita. Baba ya duba yoyo bai samu ba, ya kalli yadda sensar baya take motsi a sikana, ya ga tana hawa da sauka ba ƙaƙƙautawa maimakon ta zauna kusan wuri ɗaya, ya ce katalis ɗin ne ya gaji. Na rubuta yadda ya faɗa.

Sai jiki. Yana da 'yar na'urar auna kaurin fenti, wadda ba ta kai tafin hannu ba. A rufi da ƙofofin hagu ta riƙa nuna tsakanin maikuron 100 da 130, daidai da fentin kamfani. Da ya ɗora ta a fandar gaba ta dama sai ta tashi zuwa 320, a gefen ƙofar da ke biye da ita kuwa akwai wurin da ta haura 900. Ɗari uku da wani abu sabon fenti ne a kan tsoho. Ɗari tara kuwa fenti kaɗai ba ya kaiwa nan, an cike lotsawa da fila. Ya buɗe bonet ya nuna mini notunan da ke riƙe da fandar, fentin kansu ya ɓare, alamar sifana ta taɓa su. Daga nan ya bi ƙarafan casis biyu na gaba da tocila, a hankali, yana shafawa da yatsa. Babu lanƙwasa, babu sabon walda, kuma gam ɗin kamfani na nan yadda yake. Wato an taɓa bugun motar a gefen dama, amma bugun bai kai ƙashi ba.

Sauran ba su ɗauki lokaci ba. Takalman birkin gaba sun rage milimita 4, kuma a 3 ake canzawa. Tayoyin gaba sababbi ne, na baya kuma lambar DOT ɗinsu ta ƙare da 2319, wato an yi su a mako na 23 na shekarar 2019, zanensu saura milimita 3. Batir na ba da bolt 12.5 a kashe, 14.1 idan inji na aiki. Harafi na goma a lambar VIN, wato lambar shaidar mota mai haruffa da lambobi 17, shi ne A, wanda a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka yake nufin 2010, don haka shekarar da ke takarda ta yi daidai. Da muka gama, ina da abubuwa goma sha ɗaya a rubuce.

Sai na koma teburi, kuma a nan ne aikin ya fi ba ni wuya. Na lura duk abin da dillali zai faɗa a kan mota kashi uku ne, mu kuwa mun saba cakuɗa su. Akwai abin da muka gani da idonmu ko muka auna. Akwai abin da wanda ya sayar mana ya gaya mana. Akwai kuma abin da ba mu da hanyar sani. Mai motar ya ce yana yin sabis a kan kari, amma bai kawo rasit ko ɗaya ba. A da sai in ce wa mai saye "ana yi mata sabis a kan kari", in ɗauki maganar wani in mai da ita tawa. Yanzu na raba takardar gida uku, kuma na ɗaure kaina da doka: kowace jimla ta fara da kalmar da ke nuna gidanta. Ko "mun auna", ko "mai ita ya ce", ko "ba mu sani ba".

Mita ta faɗa gida na uku. Kilomita 187,000 ne a rubuce, kuma yadda robar fedar birki da fatar sitiyari da kujerar direba suka ci ya yi kama da haka. Amma kama ba tabbaci ba ce, kuma babu takardun da za a bi a ga yadda lambar ta riƙa hawa shekara bayan shekara. Ɗaya daga cikin yaran da muke aiki tare ya ce idan na faɗi haka ai na kashe cinikin da kaina. Na ce ya gwada faɗin akasin haka, ya ce "mitar gaskiya ce", sannan ya gaya mini abin da zai dafa idan aka ce ya kawo hujja. Ya yi shiru.

Mutum na farko da na gwada takardar a kansa wani malamin makaranta ne, kuma na kwafsa. Ko gama zagaya motar bai yi ba na hau karanta masa aibi goma sha ɗaya a jere, da murya ɗaya, katalis da tsagewar murfin madubi duk nauyinsu ɗaya a bakina. Na ga fuskarsa na canzawa tun a na huɗu. A na bakwai ya ce, "Malam, to me ya rage a jikinta?" Ya yi godiya ya tafi. Laifina ne. Motar ba ta kai munin da na zana masa ba, na ba shi tarin labari ba tare da ma'auni ba, shi kuwa ba bakanike ba ne da zai tace da kansa.

Na sake zama na gyara abu biyu. Na farko, na ware manya daga ƙanana. Manya su ne waɗanda suka shafi lafiyar rai, ko za su ci kuɗi mai kauri, ko za su rage darajar motar ranar da zai sayar. A Corollar nan uku ne: katalis, bugun gefen dama, da tayoyin baya tare da birki. Su nake faɗa da baki, a tsaye a jikin motar. Sauran takwas ɗin suna takarda, ya karanta da kansa ya tambayi wanda ya dame shi. Na biyu, kowane babban aibi ba na barinsa tsirara. Sai na faɗi mene ne, yadda muka gane, abin da zai jawo masa a amfani na yau da kullum, da abin da muka yi ko za mu yi a kai. Idan ka ce wa mutum "katalis ya gaji" ka tsaya, abin da zai ji shi ne inji zai buga gobe.

Ga yadda buɗewar ta zama, kusan kalma da kalma:

"Ranka ya daɗe, kafin ka shiga ciki bari in nuna maka abubuwa uku da muka samu a jikinta, don gara ka ji daga bakina. Idan ka ji su ka ga ba ta yi maka ba, ba komai, sai mu duba wata. Ga takardar binciken, taka ce, ka tafi da ita ko ka saya ko ba ka saya ba."

Daga nan sai in kai shi fandar dama, in miƙa masa na'urar fenti a hannunsa, in ce ya ɗora a rufi ya karanta, sannan ya ɗora a nan. Gani ya kori ji. Idan ya ga lambar ta yi tsalle da idonsa, sai in ce:

"An taɓa bugunta a nan. An kwance fandar an yi mata fenti, ƙofar kuma an cike ta da fila a wannan gefen. Mun duba casis, bugun bai kai can ba, zo ka gani. Yaushe abin ya faru, ko wa ya yi gyaran, ba mu sani ba. Ba zai hana ta tafiya daidai ba, amma ranar da za ka sayar, mai saye zai gani kamar yadda ka gani, shi ya sa muka cire shi daga farashi tun yanzu."

Mai saye na biyu wata Hajiya ce, ta zo da ƙanenta wanda ya san mota. Tun daga nesa na ga ya sha kunu, irin na wanda ya zo kamun ɓarawo. Yana isowa ya nufi gefen dama yana karkata kai yana kallon hasken fenti. Na riga shi. Na ce, "Yallaɓai, idonka ya kai, wurin ne. Ga na'ura ka auna." Ya ɗan tsaya yana kallona kafin ya karɓa. Da muka zo kan inji na ce wa Hajiya fitilar da za ta gani tana ci da gangan muka bar ta, don gogewa aikin minti ɗaya ne, kuma da mun goge da sai ta kai gida da kwanaki kafin ta gani. Na gaya mata katalis ne, motar na tafiya lafiya a yanzu, amma inda ake gwajin hayaƙi ba za ta wuce ba. Na ƙara da abin da ya fi muhimmanci, wanda Baba ne ya sa na saka shi a rubutun: muddin fitilar na ci saboda katalis, idan wata sabuwar matsala ta taso ba za ta lura ba, tunda fitila ɗaya ce. Na ba ta zaɓi biyu, mu canza kafin ta ɗauka, ko mu rage mata kuɗin gyaran ta kai wa wanda ta yarda da shi.

Ƙanen ya jefo tambayar da nake jira. "Mitar nan fa, ba a taɓa ta ba?"

Na ce, "Ba zan rantse maka ba, don ba mu da takardun sabis. Abin da zan iya nuna maka shi ne feda da sitiyari da kujera, ka auna da idonka ko sun yi kama da kilomita 187,000. A ganinmu sun yi. Mu dai ba mu taɓa ta ba, kuma wannan zan sa hannu a kai."

Ya leƙa ya duba fedar, ya daɗe. Sai ya juya ya ce wa yayarsa, "Yaya, mu kai ta wajen nawa bakaniken." A rubutuna akwai amsar wannan, kuma gajeriya ce: "Bismillah, ku zaɓi garejin da kuke so, yaronmu zai bi ku." Dillalin da ya yi ta jawabin gaskiya sannan ya fara kame-kame da aka ce za a kai mota wani wuri ya rushe duk abin da ya gina. Bakanikensu ya samo abu ɗaya da ba mu rubuta ba, robar sitabilaiza ta hagu ta fara tsagewa. Na karɓi takardar na ƙara da biro a gabansu, ya zama goma sha biyu. Ta zaɓi mu canza katalis da tayoyin baya, birki kuma ƙanen ya ce shi zai yi. Ciniki ya faɗa.

Ba zan ce takardar ta sa kowa na saye ba. Akwai masu jin kalmar "bugu" su juya, ko da bugun bai wuce na fanda ba, kuma wasunsu na san za su je su sayi wadda ta fi wannan muni a hannun wanda zai ce musu ba ta taɓa ko ƙarzuwa ba. Akwai kuma masu ɗaukar takardar su mai da ita sandar dukan farashi, su nemi ragi a kan abin da aka riga aka rage. Ga irin waɗannan na rubuta jimla ɗaya: "Farashin da na faɗa na motar da ke cikin takardar nan ne, da aibinta duka. Idan ka samo wanda ba mu rubuta ba, sai mu sake magana."

Wani abin da na hana a rubutun shi ne dabarar da ni kaina na fara da ita a daren farko, ta fallasa ƙaramin aibi don a binne babba. Tana aiki, shi ya sa take da haɗari. Mutum ya ji ka ambaci ƙarzuwar bamba da kanka sai ya saki jiki ya daina bincike. Amma ranar da giya ta fara fizga, ba giyar kaɗai zai tuna ba, zai tuna yadda ka yi amfani da ƙarzuwar ka rufe masa ido, kuma wannan ba ya yafuwa. Don haka dokar ita ce mafi girman aibi shi ake fara faɗa. Na kuma soke wasu kalmomi gaba ɗaya: "garau take", "kamar sabuwa", "ba abin da za ka taɓa". Babu na'urar da ke auna su.

Mako uku bayan haka Hajiya ta kira. Gabana ya faɗi da na ga lambar. Ta ce iyakwandishan ya daina sanyi. Na ɗauko kwafin takardarmu na duba. A layin na rubuta "yana aiki", a gidan "mun auna", alhali ba abin da muka auna, hannu kawai na kara a bakin iska da sassafe na ji sanyi. Baba ya duba ya samu gas na zurarewa a hankali ta wani mahaɗin bututu, wanda da alama an cika shi ne gab da kawo mana motar. Maigida ya ce mu gyara a kuɗinmu, tunda mu muka rubuta abin da ba mu tabbatar ba.

Washegari Baba ya zo da ɗan ma'aunin zafi mai tsinke. Yanzu ana soka shi a bakin iska na tsakiya, da rana tsaka, a bar inji na aiki minti goma, a rubuta lambar da ya nuna da ranar da aka auna. Idan motar ta yi mako biyu ba a saye ta ba, a sake aunawa a rubuta lamba ta biyu a gefen ta farko.